Kwana biyu sun faɗi, zubin adashe yana nan: lissafin lebura a ƙarshen mako

A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka a Kano, da wuya lebura mai aikin gini ya haɗa kwana shida cur a mako. Ruwan asuba yana hana kwaɓa siminti, wata rana motar yashi ta maƙale a taɓo, wata rana kuma mai gidan ne kuɗinsa suka yanke. Shi mai aikin yini, ranar da bai ɗaga shebur ba babu sallama. Zubin adashe kuwa bai san damina ba.

A ce ana biyan wani lebura naira 5,000 a yini, Litinin zuwa Asabar. Ya shiga adashe na mutum goma, kowa yana zuba 6,000 duk Asabar, mai kwasa ya ɗauki 60,000. Ranar da ya amsa zai shiga, lissafin da ya yi a ka shi ne 5,000 sau shida, 30,000 ke nan, a cire 6,000, saura 24,000. Da ganin wannan adadi sai ya ce babu damuwa.

Amma 5,000 ɗin ba ta isa gida yadda take. Adaidaita Sahu zuwa da dawowa ta ci 1,000. Shinkafa da wake a wurin mai abinci, da ruwan leda, sun ci wata 1,000, kuma mai ɗaukar bulo zuwa bene ba ya iya tsallake abincin rana. Abin da yini ɗaya yake bar masa 3,000 ne. To da wannan ya kamata a auna zubin: 6,000 gumin kwana biyu ne cif. Wato Litinin da Talata na adashe ne, sai ranar Laraba yake fara nema wa gida. A cikakken mako, kwana huɗun da suka rage suna kawo 12,000, rabin abin da ya ƙiyasta tun farko.

Yanzu ga makon da ya zo da gardama. Talata aka kwana ana ruwa, bai fita ba. Alhamis ya fita da sassafe, ya tarar da birkila zaune a kan bulo, siminti bai iso ba, aka ce kowa ya koma sai gobe. Waɗannan ranakun biyu ba ɗaya ba ne a aljihu. Ta Talata ta hana shi samu kawai. Ta Alhamis ta hana shi samu, ta kuma cinye masa 1,000 ta mota.

Kwana huɗu ya yi aiki, ya karɓi 20,000. Mota da abinci na kwanakin nan sun ɗauki 8,000, fitar banza ta ɗauki 1,000, zubi ya ɗauki 6,000. Abin da ya rage 5,000 ne, kuma kwana bakwai za a ci da ita, domin tukunya ba ta hutun Lahadi. Kusan naira 700 ke nan a rana. Kashi ɗaya cikin uku na kwanakin aiki ya rasa, amma kuɗin cefane ya ragu da fiye da rabi. Dalili shi ne zubin ba ya raguwa tare da kwanaki, don haka duk giɓin a kan gida yake faɗawa. Da kwana biyu kacal ya samu a makon, ko sisi ba zai kai gida ba.

Alamar zubi ya fi ƙarfin mutum ba ta ɓuya. Yammacin Asabar waya ta yi ƙara: "Malam, yau fa Asabar, kai kaɗai ake jira." Shi kuma ya ce, "Hajiya, a yi mini haƙuri zuwa Litinin." Idan aka yi haka sau biyu a wata, ko ya fara karɓar bashin masara a shago don ya cika zubi, to ajiyar ta koma cin bashi da wani suna. Abin ya fi tsanani ga wanda ya riga ya kwasa, domin zubinsa na sauran makonni kuɗin mutane ne, ba ya da damar cewa ya fasa.

A ganina kuskuren yana wurin makon da aka yi awo da shi. Lebura ya duba makonni huɗu ko biyar na baya, ya ɗauki wanda ya fi muni, ya ga ko zubin zai fita daga ciki ba tare da an kwana da yunwa ba. Idan ba zai fita ba, akwai rabin hannu: mutum biyu su haɗa zubi ɗaya, kowa 3,000, ranar kwasa su raba. A wancan makon na kwana huɗu, 8,000 za ta isa gida maimakon 5,000, kwasarsa kuma ta zama 30,000. Sai dai uwar adashe suna ɗaya takan rubuta a littafinta, kuma mai sunan za ta nema ranar da abokin haɗinsa ya kasa kawo nasa rabin.