Kafin a Miƙa Aikin Gida: Duba Ma'auni da Lambobi a Lissafin Taitireshin

Cikin litattafan aikin gida da na duba a zangon da ya wuce, akwai guda uku da suka daɗe a gabana. Tambaya ɗaya aka ba ɗaliban, sakamakon gwaji ɗaya suka kwafa daga allo, amma amsa uku suka kawo. Ɗaya ya rubuta 103, ɗaya ta rubuta 0.0517, na ukun kuwa ya zubo min 0.103305785 kamar yadda kalkuleta ta ba shi, babu ko harafi ɗaya a bayan lambar. Dukansu sun fahimci darasin. Abin da ya kayar da su shi ne ba wanda ya waiwayi aikinsa ya tambayi kowace lamba abu biyu: ta mece ce, kuma iya ina aka tabbatar da ita.

Ga wanda ya daɗe da barin aji, taitireshin hanya ce ta gano yawan sinadarin da ke narke cikin wani ruwa, ta hanyar haɗa shi da wani ruwan da aka riga aka san nasa. Ana zuƙo alkali da fifet, wani siririn bututun gilashi mai ɗaukar adadi guda tak, a zuba a tulun gwaji, a ɗiga masa sinadari mai sauya launi. Sai a riƙa sakin asid a hankali daga biyuret, dogon bututu mai zanen awo da famfo a ƙasa, har launin ya juya. Ɗaliban babbar sakandare da ke shirin WAEC ko NECO sun san wannan aiki, domin yana cikin abin da ake yi a jarrabawar gwaji ta kemistiri.

Tambayar da na bayar ita ce: an narkar da giram 2.65 na sodiyam kabonet, Na₂CO₃, ɗan'uwan kanwar da muka sani a madafa, aka cika ruwan ya kai 500 cm³. Aka ɗebi 25.0 cm³, aka sa metil oranj, aka saki asid ɗin HCl har ruwan ya tashi daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo. Bayan gwajin farko na share fage, sau uku aka maimaita, asid ɗin da aka ci ya zama 24.30, 24.10 da 24.20 cm³. Ana neman kaurin asid ɗin, wato mol nawa ne a kowane dm³, sannan giram nawa ne a kowane dm³.

A nan sai mu tsaya kan ma'auni, don shi ne tushen rikicin. Ma'aunin cm³ daidai yake da mililita, irin wadda ake gani a jikin sirinji. Shi kuwa dm³ lita ce cur, kuma cm³ 1000 ne ke cika ta. Ledar ruwan sha da ake sayarwa a bakin titi, mai 50 cl, ita ce 500 cm³, rabin lita ke nan. Mol kuma ƙidaya ce ta ƙwayoyin sinadari, kamar yadda ake ƙirga ƙwai da kiret, sai dai adadinsa ya kai 6.02 × 10²³. Mol ɗaya na Na₂CO₃ yana da nauyin giram 106. Matsalar ita ce kayan gwajin suna ba da awo da cm³, shi kuwa kauri ana faɗarsa da dm³, don haka dole a wani wuri cikin lissafin a raba da 1000. Wanda ya manta, tamkar ya auna hatsi da mudu ne ya rubuta adadin a matsayin buhu.

Ga yadda aikin ke tafiya idan kowace lamba tana riƙe da ma'auninta. Giram 2.65 a raba da 106 g/mol, giram ya kashe giram, saura mol: 0.0250 mol. Wannan adadi yana cikin 500 cm³ ne, wato 0.500 dm³, saboda haka kaurin alkalin shi ne 0.0250 ÷ 0.500 = 0.0500 mol/dm³. Abin da fifet ya ɗauko, 25.0 cm³, ya zama 0.0250 dm³, a ninka da 0.0500 a samu 0.00125 mol. Sai a dubi haɗuwar sinadaran:

Na₂CO₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + CO₂

Kowane mol na kabonet yana cin mol biyu na asid, don haka asid ɗin da ya shiga 0.00250 mol ne. Matsakaicin awon biyuret 24.20 cm³ ne, wato 0.02420 dm³. A raba 0.00250 da 0.02420, a samu 0.103 mol/dm³.

Mai amsar 103 ya ninka 0.0500 da 25.0 kai tsaye, bai mai da cm³ zuwa dm³ ba, ya samu 1.25 ya kira shi mol. Da ya dakata a wannan layin ya ninka da 106, da ya ga cewa yana da'awar akwai giram 132.5 na gari cikin ruwan da bai cika babban cokali biyu ba, alhali giram 2.65 aka zuba a tulun baki ɗaya. Daga baya ya tuna da 1000 a wajen asid kawai, amsar ta kumbura sau dubu. Ita ma da kanta tana tona asirin kuskuren. Asid ɗin HCl mafi kauri da ake ajiyewa a ɗakin gwaji, mai fitar da hayaƙi idan an buɗe kwalba, bai wuce kimanin 12 mol/dm³ ba. Tsantsar ruwa ma, idan aka ƙirga ƙwayoyinsa, kimanin mol 55.5 ne a lita. Ruwan da ake ba ɗalibai a gwajin makaranta galibi yana kusa da 0.1 ne. Duk ɗalibin da ya riƙe waɗannan lambobi a kansa ba zai miƙa 103 ba.

Akwai wani abu da ya fi wannan damuna. Da yaron ya manta da 1000 a wuraren biyu, kuskuren zai share kansa, amsar ƙarshe ta fito daidai, amma layin tsakiya yana nan da 1.25 mol na ƙarya. Wannan ne ya sa masu amfani da gajeriyar dabarar nan, CAVA/CBVB = nA/nB, ba sa haɗuwa da matsala ko sun sa cm³, tunda ma'aunin sama yana kashe na ƙasa. Dabarar ba ta da laifi. Amma ranar da aka tambaye su mol nawa ne cikin 25.0 cm³, babu abin da zai kashe wani, sai su faɗa rami. Shi ya sa nake karanta kowane layi, ba na gamsuwa da ganin amsar ƙarshe kawai.

Kuskuren ɗalibar da ta samu 0.0517 ya fi wuyar kamawa, domin lambar ba ta da alamar ciwo, tana iya zama kaurin asid na gaske. Ta raba 2.65 da 106 ta samu 0.025, sai ta liƙa masa mol/dm³. To daga ina dm³ ya fito? Giram a raba da giram-a-kowane-mol ba ya haifar da komai sai mol. Ta ɗauki rabin lita a matsayin lita, amsarta ta zama rabin gaskiya. Abin lura, wanda ya manta da 2 ɗin da ke gaban HCl shi ma 0.0517 zai samu. Idan malami ko ɗalibi ya ga amsa ta zo rabi ko ninki biyu, waɗannan wurare biyu zai fara dubawa, kuma ma'aunin da aka rubuta a kowane layi ne kaɗai zai nuna wanne ne.

Saura na ukun, wanda lissafinsa ya tafi daidai amma ya rubuta 0.103305785. Kalkuleta ba ta san da wane biyuret aka yi awo ba. Zanen jikin biyuret na makaranta yana tafiya ne da 0.1 cm³, ana kintatar rabinsa da ido, kuma ɗigon ruwa guda kansa ya kai kimanin 0.05 cm³. Mu gwada da awon da muke da shi. Idan aka yi lissafin da 24.10 kaɗai, amsa 0.1037 ce. Idan aka yi da 24.30, sai ta koma 0.1029. Tun daga lamba ta uku amsar ta fara rawa, ta huɗu kuwa ba ta da tabbas ko kaɗan. Rubuta lamba tara da'awa ce ta ƙwarewar awo da kayan aikin ba su da ita.

Abin da ake kira lambobi masu ma'ana ke nan: lambobin da awo ya tabbatar, haɗe da ta ƙarshe guda da aka kintata. Ana fara ƙirga su daga lamba ta farko da ba sifiri ba. Sifirin gaba riƙon wuri kawai yake yi, amma sifirin da ya zo a ƙarshe bayan ɗigo shaida ce. Saboda haka 0.0500 tana da uku, 0.05 tana da ɗaya, 24.20 tana da huɗu. Ɗalibai da yawa suna goge sifirin ƙarshe suna ganin ba ya ƙara komai. A darasin lissafi haka ne, amma a ɗakin gwaji wanda ya rubuta 24.2 ya zubar da wani ɓangare na awon da ya yi da idonsa. Awon biyuret ana rubuta shi da lamba biyu bayan ɗigo, har da 0.00 na farawa.

Ƙa'idar ninkawa da rabawa ita ce amsa ba ta wuce awo mafi rauni da ya shiga cikinta. A nan 2.65 da 25.0 duk uku-uku suke da su, don haka amsa uku za ta ɗauka: 0.103 mol/dm³. Lambar 2 ta haɗuwar sinadarai da 1000 na sauya ma'auni ba awo ba ne, ba a sa su cikin wannan ƙidaya. Idan tarawa ko ɗebewa ake yi, kamar cire awon farko daga na ƙarshe a biyuret, yawan lambobin bayan ɗigo ake bi.

Sashe na biyu na tambayar yana nuna illar datse lamba da wuri. Mol ɗaya na HCl giram 36.5 ne. Wanda ya bar cikakkiyar lambar a kalkuleta ya ninka zai samu 3.77 g/dm³. Wanda ya yi amfani da 0.103 zai samu 3.76, bambancin da ba ya tayar da hankali. Amma wanda ya datse zuwa 0.1 zai samu 3.65, ya kauce da fiye da kashi 3 cikin ɗari, kuskuren da ya ninka na biyuret ɗin kansa sau da yawa. Yaro ya tsaya yana sakin asid ɗigo-ɗigo da haƙuri, sannan ya ɓata aikin da biro cikin daƙiƙa guda. A tsakiyar lissafi a riƙe aƙalla lamba ɗaya fiye da wadda ake buƙata, a datse sau ɗaya a ƙarshe.

Iyaye da yayye da ke duba littafin yaro da dare, ko ba ku karanta kemistiri ba kuna iya taimakawa a nan. Ku ɗora yatsa kan kowace lamba ku ce masa ya faɗi ma'auninta, ku ce ya nuna inda ya raba da 1000, ku ƙirga tare da shi ko lambobin amsarsa sun yi daidai da na awon da aka ba shi. Idan ya yi shiru a wani layi, kada ku bari ya rufe littafin sai ya sake yin wannan layin.