Takardar Saɓa Ƙa'ida Kan Siririn Kebul

Injiniya na rubuta wa ɗan kwangila wannan takarda idan aiki ya saɓa wa zane. A ce an shimfiɗa kebul na tagulla mai rigar PVC, mai kaurin murabba'in milimita 35, bayan makatsar wuta mai amfiya 125. A teburin BS 7671 yana ɗaukar amfiya 135, amma a zafin digiri 30 ne. A ɗaki mai digiri 45 sai a ninka da 0.79, kebul uku manne a faranti mai huji kuma da 0.82. Saura kusan amfiya 87. Rigarsa za ta gasu makatsar ba ta motsa ba, wannan kuwa hanyar gobara ce.

Takardar ta nuna wurin, hoton rubutun jikin kebul da lissafin, ta buƙaci a sauya da mai 70 kafin a saki wuta.