Inuwar hoto a allon OLED: Wadda ke gushewa da wadda ta zama tabo

Mai waya ko talabijin da ke da allon OLED kan wayi gari ya ga wata inuwa dishi-dishi tana leƙowa ta bayan abin da yake kallo. Wani lokaci tambarin tashar labarai ne a kusurwa, wani lokaci layukan madannan rubutu ne a ƙasan waya, ko agogo da alamar batir da ke sama. An sauya tasha, an rufe manhaja, amma surar tana nan.

Kafin a nufi wurin mai gyara, ya kamata a san cewa matsaloli biyu ne daban suke bayyana da kama ɗaya. Ɗaya kan gushe da kanta. Ɗayar kuwa tsufa ce da ta riga ta kama allon, ana iya rage ganinta da hana ta ƙaruwa, amma ba a mayar da allon sabo.

Tushen lamarin yana cikin yadda allon ke samar da haske. A allon LCD, fitila ce a baya take haskaka fuskar gaba ɗaya. A OLED babu wannan fitila, kowane ɗigo na hoton shi ke ba da haskensa, kuma idan ana son baƙi sai a kashe ɗigon kawai. Talabijin mai 4K tana da irin waɗannan ɗigo sama da miliyan 8, kowanne tamkar ɗan ƙaramin ƙwan lantarki ne mai zaman kansa. Sinadarin da ke ba da hasken yana raguwa da ƙarfi gwargwadon aikin da ya yi. Yawan haske da zafi kuma suna gaggauta raguwar.

Da a ce ɗigon duka suna tsufa tare, da babu wanda zai lura. Matsalar ita ce wasu suna aiki fiye da wasu. A ƙaddara, don misali kawai, cewa kowane ɗigo ya fara da ƙarfi 100. Bayan dogon lokaci waɗanda hoto ke sauyawa a kansu sun dawo 97, waɗanda ke ƙarƙashin tambari mai haske da ba ya motsi sun dawo 90. Duk sa'ad da aka nuna launi guda a faɗin allon, wurin tambarin zai fi kewayensa duhu, kuma duhun zai ɗauki siffar tambarin daidai. Wato ba hoto ne ya maƙale ba, sawun gajiyar ɗigon ne ake gani. Shi ya sa ma a wasu wayoyi abin kan zo a juye: sashen da ya daɗe yana baƙi, kamar layin maɓallan ƙasa, sai ya fi sauran allon haske domin shi bai yi aiki ba.

Inuwa mai wucewa kuwa ba daga tsufar sinadari take zuwa ba. A bayan kowane ɗigo akwai 'yan ƙananan taransisto da ke sarrafa wutar da ke shiga cikinsa. Idan hoto mai haske ya tsaya wuri guda na ɗan lokaci, sai wurin ya ɗumama, saitin taransiston ya ɗan goce, har ya ɗauki lokaci kafin ya koma daidai. Irin wannan kan ɓace cikin daƙiƙu ko mintuna. Akwai ma lokacin da laifin na manhaja ne. A watan Oktoban 2023 masu iPhone 15 da dama sun koka da inuwa a allonsu, sai kamfanin Apple ya fitar da iOS 17.1, wanda ya ce ya gyara wata matsala da ke iya jawo hakan. Saboda haka sabunta manhajar waya na cikin abubuwan da za a fara yi.

Bambance su ba ya buƙatar kayan aiki. A buɗe hoton launi guda wanda ya cika allon, mafi kyau ruwan toka, sannan ja, kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya, a cikin ɗaki marar haske sosai. A yawancin wayoyin Samsung akwai shafin gwaji da ake buɗewa ta hanyar danna wannan a wurin buga lamba:

```
*#0*#
```

A nan za a ga maɓallan RED, GREEN da BLUE, kowanne yana cika allon da launinsa. A lura da inda inuwar take da kuma siffarta. Daga nan a kunna bidiyo mai motsi da sauyin launuka na kimanin rabin sa'a, a kashe allon ya huce, a sake gwadawa. Idan inuwar ta ragu, ta ɓace, ko kuma ta koma siffar abin da aka kalla na baya-bayan nan, mai wucewa ce. Idan washegari tana nan a wuri guda da siffa guda, kuma siffar ta abin da aka daɗe ana nunawa ce, to tabo ne. Duk mai shirin sayen wayar da aka riga aka yi amfani da ita ya kamata ya yi wannan gwaji a gaban mai sayarwa, domin hoton bango mai launuka da yawa yana ɓoye tabo sarai.

A talabijin ne aka fi samun damar rage matsalar, kuma a nan ne yanayin wutar lantarki a Najeriya ya shigo ciki. Talabijin na OLED suna da wani aikin gyaran kai. Bayan an kalle su na kimanin sa'o'i 4 a jimlace, da zarar an kashe da rimot, sai na'urar ta ɗauki wasu mintuna tana auna yadda saitin kowane ɗigo ya goce, tana daidaita wutar da za ta riƙa ba shi. Allon yana baƙi a lokacin, mai gida ba ya ganin komai. Sharaɗin dai shi ne wuta ta ci gaba da shiga.

Al'adar gidaje da yawa ita ce a kashe soket a bango nan take saboda tsoron wuta mai ƙarfi, kuma tsoron yana da dalili. Wasu kuma ba su ke kashe talabijin ba, ɗauke wuta ko kashe janareto ne ke kashe musu ita. A irin wannan hali aikin gyaran ba ya samun sukunin gudana, sai ƙananan bambance-bambance su taru, a fara ganin inuwa da zane-zane a wurare masu duhu. Maganin mai sauƙi ne: a kashe da rimot, a jira kamar mintuna 15, sannan a kashe soket ko janareto. Wanda ke da inbata ya bar talabijin ɗin a jone.

A ɗauki misalin mai shago da ya rataya talabijin na OLED, yana kunna tashar labarai guda daga ƙarfe 9 na safe zuwa 9 na dare, da haske a ƙure saboda rana na shigowa ta ƙofa. Sa'o'i 12 ke nan a yini, 360 a wata, 4,380 a shekara, kuma a dukansu tambarin tashar da jan layin labarai na ƙasa suna kan ɗigo guda. Maƙwabcinsa da ke kallon sa'o'i 4 a gida zai yi 1,460 a shekara, a rarrabe tsakanin fina-finai, ƙwallo da labarai. Tazarar da ke tsakaninsu ta wuce ninki uku da alƙaluman suka nuna, domin na gida yana raba aikin a faɗin allon, na shago kuwa yana tara shi wuri guda. Abin lura shi ne lalacewar tana taruwa ne. Hutun dare ba ya mayar da abin da ya tafi da rana.

Shafin gwajin kayan lantarki na RTINGS ya gwada wannan tun daga farkon 2018, inda ya kunna talabijin shida na LG samfurin 2017 na sa'o'i 20 a kowace rana, kowanne da irin abin da yake nunawa. Waɗanda aka bari a kan tashar CNN su ne suka fi yin tabo, musamman wanda aka ƙure wa haske. Sababbin samfura sun fi waɗancan juriya, amma dalilin bai sauya ba.

Idan mai shagon nan ya fara ganin inuwa, matakinsa na farko shi ne ya bar gajeren gyaran nan ya gudana na kwanaki. Idan ba ta tafi ba, akwai dogon gyara da ake kunnawa da hannu daga saiti. LG na kiransa Pixel Refresher ko Pixel Cleaning, Samsung Pixel Refresh, Sony kuma Panel refresh, kuma a wasu samfura yakan kai sa'a guda. Wannan na iya dusashe tabo marar zurfi ta hanyar daidaita hasken ɗigon da juna, amma ba ya sabunta sinadarin da ya ƙare. Ba a kuma yawaita shi. Sony na ba da shawarar kada a wuce sau ɗaya a shekara, domin yana iya taɓa tsawon rayuwar allon. Kuma a fara shi ne lokacin da ake da tabbacin wuta. Bayan haka sai ya rage haske, ya tabbatar saitin da ke ɗan gusar da hoto, wato Screen Shift ko Pixel Shift, yana kunne, haka ma wanda ke dusashe tambari, ya kuma riƙa sauya tasha. A gaskiya ma, ga shago, ofis ko ɗakin jira da tasha guda ke kunne yini guda, allon LCD ya fi dacewa tun farko.

Waya ba ta da irin wannan maɓallin gyara, don haka rigakafi ne kawai a hannun mai ita. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne direban da ke liƙa waya a gaban gilashin mota, taswira a buɗe, rana na dukanta. Haske ya ƙure, zafi ya taru, hoto kuma bai motsa ba. Kawar da ita daga rana, kunna Dark mode, da gajarta lokacin da allo ke kashe kansa zuwa daƙiƙa 30 ko minti ɗaya suna rage nauyin sosai.

Sai a yi hattara da manhajoji da bidiyoyin da ke alkawarin goge tabo ta hanyar walƙiyar launuka na sa'o'i. A kan inuwa mai wucewa ba su yi abin da bidiyo na yau da kullum ba zai yi ba. A kan tabo kuwa, iyakar abin da za su iya shi ne gajiyar da sauran ɗigon har su kusanci waɗanda suka raunana, sai allon gaba ɗaya ya rage haske.

Idan tabon ya kai ga hana karatu ko ɓata kallo, canza allo ne kaɗai gyara. Kafin a biya, a duba takardar garanti, domin kamfanoni sun bambanta a kan ko suna ɗaukar nauyin irin wannan tabo. A kuma tambayi mai gyara irin allon da zai saka, saboda akwai allunan LCD masu araha da ake yi don su shiga gurbin na OLED. Ana gane su a ɗaki mai duhu: idan aka buɗe baƙin hoto, na OLED kan mutu ɗungurungum, na LCD kuwa sai a ga yana ɗan fitar da haske ruwan toka.