Ba Kowace Murɗawar Ciki Ce Olsa Ba

Da zarar mutum ya dafe ciki a majalisa ko a gidan biki, sai ka ji an yanke masa hukunci: "Olsa ce, tunani ya yi masa yawa." Daga nan a tura yaro kemis, wani ya kawo madara, wata ta jiƙa kanwa. A cikin wannan magana akwai gaskiya, akwai kuma kuskuren da ke sa mutane su yi shekaru suna shan maganin ciwon da ba shi ke damunsu ba.

Gaskiya ne damuwa tana taɓa ciki. A bangon hanji akwai ƙwayoyin jijiya miliyoyi, kuma wata doguwar jijiya da likitoci ke kira bagus tana kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da ciki. Idan gaban mutum ya faɗi, jiki yakan saki sinadarin adirenalin, jini ya karkata zuwa hannuwa da ƙafafu, narkar da abinci ta yi sanyi, babban hanji kuwa ya ƙara gaggawa. Shi ya sa abinci ke tsayawa a ƙirji, zuciya ta tashi, sannan ga zawo. Wanda ya ce wa irin wannan mutum "raki ne kawai" ya zalunce shi, domin ciwon yana nan, ko da hoto bai nuna komai ba.

Amma cewa tunani ne ke huda ciki ya zama gyambo, wannan kuskure ne. A 1982 wasu likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar Helikobakta failori, wadda ita ce babbar mai haddasa olsa, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Sanadi na biyu shi ne yawan shan maganin ciwon jiki irin su asfirin, diklofenak da aibufurofen. Damuwa tana tsananta raɗaɗi, amma ƙwayar cutar sai an yi gwaji, na bayan gida ko na numfashi, an kuma sha maganin kashe ta. Madara tana sanyaya ciki na ɗan lokaci, sannan ta sa ya ƙara fitar da ruwan tsami. Kanwa kuma gishirinta yana da yawa, mai hawan jini ya kiyaye ta.

Ɗauki ɗalibar da za ta zauna jarrabawa ƙarfe tara. Tun asuba cikinta ke murɗawa, ta zaga sau biyu, ta kasa karyawa. Ranar Asabar kuwa lafiyarta lau, kuma ciwon bai taɓa tashinta daga barci ba. Wannan salo, na ciwo mai zuwa da fargaba ya tafi da tafiyarta, shi ne alamar cikin da damuwa ke juyawa.

Abin da za ta yi ba ya buƙatar ko sisi. Ta zauna, ta ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Ta ja numfashi ta hanci tana ƙirga huɗu, ta tabbata hannun cibiya ne ke ɗagawa, na ƙirji yana nan shiru. Sannan ta fitar da shi a hankali ta baki tana ƙirga shida. Hakan yakan ba da numfashi wajen shida a minti, ta yi ta yi tsawon minti biyar zuwa goma. Amfanin yana cikin tsawaita fitarwar, domin a lokacin ne jijiyar bagus ke rage bugun zuciya. Inda mutane ke kuskure shi ne zuƙar iska da ƙarfi da sauri. Idan jiri ya zo ko yatsu suka fara sagewa, an yi gaggawa ne, sai a sassauta. Kuma gara ta saba da shi safe da dare tun makonni kafin jarrabawar, don wanda bai koya cikin natsuwa ba da wuya ya iya cikin firgici.

Hanji yana son tsari. Ta ci abinci a kan lokaci, kaɗan kaɗan, ta rage shayi mai kauri, kofi da goro a kan ciki wayam, ta ɗan taka bayan cin abinci, ta kuma daina raba dare tana karatu.

Akwai kuma inda numfashi ba zai yi komai ba. Jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, aman jini, ramewa babu dalili, wahalar haɗiya, zazzaɓi, zawon da ke tashin mutum cikin dare, ko ciwon da ya fara sabo bayan mutum ya haura shekara 50, duk waɗannan na asibiti ne, kuma aman jini da baƙin bayan gida a ranar ake tafiya, ba a jira gobe.