Daga littafin wurin gini zuwa teburin manaja

Duk wurin ginin da ake aiki bisa tsari akwai littafin da injiniya ko mai kula da leburori yake rubuta abin da ya faru a yini. A tsaye ake rubuta shi, cikin ƙura da ƙarar inji, don haka ba mamaki a same shi a hargitse. Matsala tana farawa ne da yamma, lokacin da za a aika wa manajan aikin rahoto. Da yawa sai su kwafe littafin yadda yake su tura, alhali manajan bai ga wurin ba, kuma wataƙila yana da gine-gine uku ko huɗu a wuyansa.

Mu ɗauki misalin ranar zuba kankaren dakin bene, mai tsawon mita 12, faɗin mita 10, kaurin santimita 15. Kankaren da zai ci ke nan kubik mita 18. Ga abin da littafin ya ce: "Leburori 14. Siminti 90 ya fita. Inji ya tsaya. An gyara. Ruwan sama. Ba a gama ba."

Babu ƙarya a ciki, amma manaja ba zai iya yanke komai da shi ba. Aikin farko shi ne a saka wa kowane layi lokaci da awo tun ba a manta ba. Inji ya tsaya ƙarfe nawa, ya tashi ƙarfe nawa? Idan an tambayi mai tuƙa shi ya ce daga 11:20 zuwa 1:40, to magana ta sauya. Fiye da awa biyu ke nan, kuma a zafin rana irin namu kankare yana fara kamawa kafin nan. Sabon da aka zuba a jikin wanda ya riga ya kama ba ya haɗewa da shi sosai, kuma ta irin wannan gaɓa ce ruwa yakan yi yoyo daga baya. Don haka rahoto ya faɗi daidai inda aka tsaya, tsakanin wane ginshiƙi da wane, a haɗa da hoto, domin injiniyan da ya tsara ginin ya duba.

Sai "ba a gama ba". A ɗauki tef a auna. In an rufe mita 8 cikin 12 na tsawon, an zuba kubik mita 12, saura 6.

A nan ne lissafin siminti yake fitowa fili, kuma a ganina nan ne ake gane mai rahoton kirki. A kwaɓin da aka saba, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kubik mita ɗaya yana cin buhu shida da ɗan wani abu, na kilo 50. Kubik mita 12 ke nan wajen buhu 75. To ina sauran 15 daga cikin 90 da suka fita daga sito? Mai yiwuwa birkila ya ɗiba don ginin bulo, ko ruwa ya jiƙa wasu, ko suna nan jibge kusa da inji. A je a ƙirga kafin a rubuta. In an kasa gano su, a rubuta cewa buhu 15 ba a ga inda suka shiga ba ana bincike, kada a kama sunan kowa bisa zato.

Jinkirin ma a raba shi gida biyu. Lalacewar inji yawanci nauyin ɗan kwangila ne, ruwan sama kuwa, idan ya wuce misali, yana iya zama hujjar neman ƙarin lokaci, gwargwadon abin da yarjejeniya ta tanada. A kwangilolin da ke bin tsarin FIDIC, kwana 28 ake ba ɗan kwangila ya sanar da irin wannan buƙata, kuma rahoton ranar ake komawa a duba. Wanda ya cuɗa su wuri ɗaya ya ce "an samu tsaiko" ya ɓata wa ɓangarorin biyu hujja.

Wajen jerawa, kada a bi yadda abubuwa suka faru daga safe zuwa yamma. A fara da abin da ke jiran manaja: "An zuba kubik mita 12 cikin 18. Akwai gaɓa a inda aka tsaya, ana buƙatar injiniya ya gani kafin a ci gaba gobe da ƙarfe 8. Saura buhu 20 a sito, ana buƙatar wajen 38." Bayan nan sai yawan ma'aikata bisa sana'arsu, kafinta nawa, masu ɗaure rodi nawa, sannan kayan da suka shigo, da samfurin kankaren da aka ɗiba don gwajin ƙarfi a kwana 7 da kwana 28, da wanda aka ɗora wa ban ruwan dakin. A sa kwanan wata da hannu, a tura a daren. Shi kuma littafin a bar shi yadda yake, kada a yage shafi ko a goge rubutu, domin in gardama ta tashi shi za a fara nema.