Abin da ya kamata ku sani: yadda ake mayar da miligiram zuwa mililita kafin a yi allura

Idan kun taɓa duba takardar da likita ya rubuta wa maras lafiyarku, za ku ga ya rubuta adadin maganin allura da miligiram, misali 60 mg. Amma idan kun dubi sirinjin da ke hannun nas, babu miligiram ko ɗaya a jikinsa, mililita kaɗai aka zana. Ke nan akwai wani lissafi da ake yi tsakanin takardar likita da sirinji, kuma sakamakonsa ya dogara ne kan abin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin. Za mu bi lissafin dalla-dalla da allurar jentamaisin, wadda kusan kowane asibiti da ƙaramin wurin shan magani suna da ita.

Mene ne miligiram, mene ne mililita?

Miligiram awon nauyi ne. Giram ɗaya idan aka raba shi gida dubu, kowane kaso shi ne miligiram ɗaya, kuma ana taƙaita shi da mg. Shi ke nuna yawan sinadarin maganin kansa, wato abin da zai yi aiki a jiki.

Mililita kuwa awon ruwa ne. Lita ɗaya idan aka raba ta gida dubu, kowane kaso mililita ɗaya ne, ana rubuta shi mL ko ml. Ƙaramin cokalin maganin yara mililita biyar yake ɗauka. Za ku ji wasu ma'aikatan lafiya suna cewa "sisi", misali "a ja sisi biyu". Sisi ɗaya daidai yake da mililita ɗaya, babu bambanci.

Wataƙila ku tambaya, miligiram nawa ne a mililita ɗaya? Tambayar ba ta da amsa guda. Kofin shayi biyu na iya zama cike daidai wa daida, amma ɗaya an zuba masa sukari cokali ɗaya, ɗayan cokali huɗu. Haka ruwan allura yake: yawan ruwan daban, yawan maganin da aka narkar a ciki daban. Sai kwalbar ce za ta faɗa.

Me aka rubuta a jikin kwalba?

Jentamaisin magani ne na kashe ƙwayoyin cuta, kuma wanda aka fi gani yana zuwa ne a 'yar kwalba mai ɗauke da rubutun 80 mg/2 mL. Ma'anarsa ita ce akwai miligiram 80 na magani a cikin dukkan ruwan kwalbar, wanda yake mililita biyu. Wannan shi ake kira ƙarfin magani. Idan kun raba 80 gida biyu, za ku ga kowace mililita ɗaya tana ɗauke da miligiram 40. Shi ya sa wani kamfanin zai rubuta 40 mg/mL a jikin tasa kwalbar, alhali abu ɗaya ne da na farko.

A nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Ido yana saurin kama babbar lambar, 80, ya tsallake ƙaramar da ke bayan layin. Wanda ya ɗauka miligiram 80 ne a kowace mililita zai ja rabin abin da ya kamata, ya ba maras lafiya maganin da bai kai ya kashe cutar ba. Don haka ku karanta lambobin biyu tare, da bakinku in ta kama: "tamanin a cikin biyu."

Yaya ake yin lissafin?

Abubuwa uku kuke buƙata: adadin da likita ya rubuta, adadin miligiram da ke jikin kwalba, da yawan ruwan da wannan adadin yake ciki. Tsarin shi ne:

mililitar da za a ja = (mg da likita ya rubuta ÷ mg da ke jikin kwalba) × mL da ke jikin kwalba

Mu ɗauki yaro mai nauyin kilo takwas. Likita ya lissafa masa miligiram 7.5 a kowane kilo, ya rubuta 60 mg sau ɗaya a rana. Kwalbar da ke hannu 80 mg/2 mL ce. A raba 60 da 80, a sami 0.75, wato kashi uku cikin huɗu na kwalbar. A ninka 0.75 sau biyu, a sami 1.5. Mililita ɗaya da rabi za a ja a sirinji, rabin mililita ya rage a kwalba.

Akwai hanya ta biyu, kuma a ganina ta fi sauƙin riƙewa a ka. Ku fara gano miligiram nawa ne a mililita ɗaya, wanda a nan 40 ne, sannan ku raba adadin likita da shi: 60 raba 40 ya ba da 1.5. Amsa ɗaya ce. Wanda ya saba yakan yi da hanya ɗaya, ya tabbatar da ɗayar.

Kafin ku yarda da amsar, ku auna ta da hankali. Likita ya nemi 60, kwalba tana da 80, ke nan abin da za a ja dole ya gaza kwalba guda, amma ya wuce rabinta. Idan na'urar lissafi ta ba ku 15 ko 0.15, kun san an danna wani abu ba daidai ba. Sannan ku juya lissafin baya: mililita 1.5 sau 40 ya ba da 60, an dawo kan adadin likita.

Idan magani ɗaya yana da ƙarfi biyu fa?

Wannan ne wurin da ya fi haɗari. Jentamaisin yana da wata kwalbar ta yara mai rubutun 20 mg/2 mL, wato miligiram 10 a kowace mililita. Girman kwalaben biyu kusan ɗaya ne, ruwan ciki duka fari ne tas kamar ruwan sha, sunan maganin ma ɗaya ne.

Jariri sabon haihuwa mai kilo uku, an rubuta masa 15 mg. Da kwalbar yara, 15 raba 10 ya ba da mililita 1.5. To a ce kwalbar yara ta ƙare a ɗakin ajiya, aka kawo mai 80 mg/2 mL, mai yin allurar kuma ya ja mililita 1.5 kamar yadda ya yi jiya. Abin da ya shiga jikin jaririn miligiram 60 ne, ninki huɗu na abin da aka rubuta masa, daidai da rabon yaro mai kilo takwas ɗin nan. Jentamaisin idan ya yi yawa yana lalata ƙoda, yana kuma taɓa ji, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya sau da yawa ba ya dawowa. Babu wata alama da za a gani a take, jaririn ba zai yi kukan da ya bambanta da na kullum ba.

Daidai ɗin shi ne 15 raba 40, wato mililita 0.375. Wannan ɗan ƙanƙanin ruwa ne da babban sirinji ba zai auna shi ba. Sirinji mai mililita biyar yawanci zanensa 0.2 ne tsakanin layi da layi, don haka sai a nemi ƙaramin sirinji mai mililita ɗaya, wanda layukansa suke tafiya da 0.01, a ja 0.38. Saboda irin wannan ne ake son likita ya rubuta miligiram a takarda, domin mililita tana canjawa da canjin kwalba.

Maganin da ya zo a gari fa?

Wasu kwalaben ba ruwa a cikinsu, gari ne. A jikinsu miligiram kawai za ku gani, domin ƙarfin bai samu ba sai an zuba ruwa. Misalin da aka fi sani a yankinmu shi ne atesunet, allurar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Kwalba mai miligiram 60 ana fara narkar da ita da mililita ɗaya na ruwan bayikabonet da ke zuwa tare da ita, a jijjiga har ruwan ya washe. Idan ta jijiya za a bayar, a ƙara mililita biyar na ruwan gishirin asibiti, jimla shida, kowace mililita na da miligiram 10. Idan a tsoka za a yi, mililita biyu ake ƙarawa, jimla uku, kowace mililita na da miligiram 20.

Yaro mai kilo goma da aka rubuta masa 30 mg zai sami mililita uku daga haɗin jijiya, ko ɗaya da rabi daga haɗin tsoka. Kwalba ɗaya ce, amma amsar ta danganta da ruwan da aka zuba, kuma takardar da ke cikin kwalin maganin ce ke faɗin nawa za a zuba. Wanda ya haɗa ya kamata shi ne zai ja.

Waɗanne ƙananan abubuwa ne ke rikita lissafi?

Na farko shi ne giram da miligiram. Idan kwalba ta ce 1 g, likita kuma ya rubuta 500 mg, sai a mayar da giram ɗin miligiram 1000 kafin a raba. Na biyu shi ne alamar kashi cikin ɗari: 1% na nufin miligiram 10 a kowace mililita, don haka lidoken mai 2%, maganin kashe zafi da ake yi kafin ɗinki, yana da miligiram 20 a mililita. Sai ɗigo. Wanda ya rubuta .5 ba tare da sifili a gaba ba, ɗigon na iya ɓacewa a karanta 5, ninki goma ke nan; 0.5 ake rubutawa. A Nijar da sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci waƙafi ake sawa a madadin ɗigo, 0,5, kuma ma'anar ɗaya ce.

Insulin ba ya cikin wannan lissafi na miligiram. Da yunit ake auna shi, kuma yana da sirinjinsa na musamman.

Wa ya kamata ya yi wannan lissafin?

Aikin nas ne, da ungozoma, da jami'in lafiyar al'umma, da mai harhaɗa magunguna, da ɗaliban da ke koyon waɗannan ayyuka. Sanin lissafin bai mai da kowa mai yin allura ba, domin zaɓen adadin miligiram ɗin kansa yana buƙatar nauyin maras lafiya, da shekarunsa, da lafiyar ƙodarsa, kuma wannan aikin likita ne. A asibitocin da ke kiyaye ƙa'ida, allurar jarirai mutum biyu ne ke lissafa ta, kowa shi kaɗai, sannan su gwada amsa.

Ku da kuke jinya ma kuna da rawar takawa. Idan an aike ku sayo allura a kantin magani, ku duba lambobin da ke jikin kwalbar ku gwada da na wadda aka yi amfani da ita jiya. Idan sun bambanta, ku nuna wa nas kafin ta fasa kwalbar.