Me Ya Sa Shafi Na 10 Ke Shiga Gaban Na 2?

Wanda ya yi sikanin takarda mai shafi 120 zai ƙare da hotuna 120, kowane da lambarsa. Ya haɗa su a PDF guda, ya buɗe, sai ya tarar da shafi na 10 da na 100 sun riga na 2.

Laifin na sunayen ne. Manhajoji da yawa harafi-harafi suke jera suna daga hagu, kamar ƙamus, don haka duk sunan da ya fara da 1 zai riga mai farawa da 2. Abin haushin, Windows kan nuna hotunan a jere daidai cikin folda, sai mutum ya saki jiki.

Maganin shi ne sifili. A daidaita tsawon lambobin: 001.jpg, 002.jpg, har 120.jpg. Daga nan manhajar kyauta ta img2pdf za ta haɗa su ba tare da rage ingancin hoton JPEG ba:

```
img2pdf *.jpg -o littafi.pdf
```

Kafin ka tura wa kowa, ƙirga shafukan, sannan ka duba abin da ya biyo bayan na 1, na 9 da na 99. A nan ɓarnar take fara bayyana.